Yadda ake sa sabon shafin kasuwancinka ya fito a Google a watannin farko

Ƙanena yana da shagon kayan sola nan Mabera, yana saida fanel da batir da inbata kuma yana zuwa gida ya haɗa ma mutum. Da zafi ya fara matsowa ya ce shi ma websayit yake so, ya biya wani yaro ya yi mishi, aiki ya yi kyau wallahi, hotuna tsaf, lambar waya ga ta nan sama. Bayan sati uku sai ga shi ya shigo min da wayarshi a hannu, ya ce Yaya duba min wanga abu, ko sunan shagon na rubuta a Google ba ya fitowa, anya ba cin kuɗina anka yi ba? Ba a ci kuɗinshi ba. Gina shafi daban, Google ya san da zaman shafin daban, kuma masu gina shafi da yawa da zarar sun miƙa maka sun gama nasu. Abin da munka bi ni da shi daga rannan har wata uku shi zan jero maka yadda munka yi shi, kuma jerin yana da dalili, kar ka tsallake na farko ka ruga na huɗu.

Fara da tambayar Google ko ya ma san kana duniya

Buɗe Google a wayarka, cikin akwatin bincike ka rubuta wanga, ka sa adireshin naka shafin a gurbin na misali, kuma kar ka bar fili tsakanin ɗigo biyun nan da adireshin:

```
site:sunanshagonka.com.ng
```

In ya jero maka shafukanka to kana cikin rajistarshi, saura batun matsayi. In ya ce bai samu komai ba, ka ajiye duk wata maganar fitowa na ɗaya tukuna, don wanda ba ya cikin rajista ba a maganar ya zo na nawa. Na ƙanena babu ko guda.

Sabon shafi yakan ɗauki kwanaki har zuwa 'yan makonni kafin Google ya gano shi, wannan ba matsala ba ce. Amma kafin ka ce jira zan yi, ka tabbatar ba kai ka rufe ƙofa da kanka ba. In da WordPress anka gina shafin, kamar yadda mafi yawan namu suke, ka shiga ta baya inda ake gyara, ka je Settings, ka taɓa Reading, ka gangara ƙasa. Akwai wani ɗan akwati da anka rubuta Discourage search engines from indexing this site a gefenshi. Masu gina shafi suna sa mishi maki lokacin da suke kan aiki don kar Google ya kwashi shafin da ba a gama ba, kuma daidai sunka yi, matsalar ita ce a manta a cire ranar da anka buɗe shafin. Muna shiga na ƙanena sai ga makin nan zaune abinshi, sati uku cur shafin da kanshi yana ce ma Google kar ka sa ni. Munka cire, munka danna Save Changes. Aikin bai kai minti ɗaya ba.

In ba WordPress ba ne, ka buɗe shafin a kwamfuta ka danna Ctrl da U tare, rubutun da ke ƙarƙashin shafin zai bayyana, sai ka danna Ctrl da F ka nemi kalmar noindex. In ka ga layi irin wanga, shi ne makullin, a cire shi:

```
<meta name="robots" content="noindex">
```

Sannan ka rubuta adireshin shafinka ka ƙara /robots.txt a ƙarshe. In ka ga layin Disallow: / shi kaɗai babu wata kalma bayan sandar, a ƙarƙashin User-agent: *, ma'anarshi an hana shiga ko'ina cikin shafin. Amma in Disallow: /wp-admin/ ka gani ka bar shi, wannan daidai ne, ɗakin baya kawai ya rufe.

Na biyu, ka yi ma shafin rajista a Google Search Console

Wurin Google ne da ke nuna maka yadda shafinka ke tafiya a bincike, kyauta ne, Gmail kawai ake buƙata. Kuma don Allah da imel ɗinka za a buɗe, ba na yaron da ya gina maka ba, in yana son shiga ka ƙara shi daga baya. Haka ma domen ɗin, wato adireshin shafin, ya kasance da sunanka anka saye shi. Yau kuna shiri, gobe ya tafi bautar ƙasa ko ya canza layi, kai kuma dukiyarka tana hannunshi.

In ka shiga za a ba ka zaɓi biyu, Domain da URL prefix. Na Domain ya fi cika amma sai ka shiga inda ka sayi domen ka liƙa wani layin TXT, in ba ka saba ba zai ɗan ba ka wahala. URL prefix ya fi sauƙi, ka rubuta cikakken adireshin da https:// ɗinshi daidai yadda yake buɗewa, ka zaɓi HTML tag, su ba ka layi ɗaya a sa shi a kan shafin farko, ka dawo ka danna Verify. Kar a goge layin nan bayan an gama, ana komawa a duba shi.

Daga nan sai Sitemaps a gefen hagu. Wannan wani fayil ne da ke jero duk shafukan da ke cikin websayit ɗinka, kamar ka ba baƙo takardar ɗakunan gida. WordPress yana yin nashi da kanshi a wp-sitemap.xml, in kuma an sa mishi ƙarin manhajar Yoast SEO to sitemap_index.xml ne. Ka fara buɗe shi a burauza ka ga yana aiki, sannan ka rubuta shi a akwatin ka danna Submit, kana neman ya nuna Success.

Sai akwatin da ke can sama, na URL Inspection. Liƙa adireshin shafin farko, zai ce URL is not on Google, ka danna Request indexing. Ka yi ma muhimman shafukanka guda huɗu ko biyar haka, sau ɗaya-ɗaya. Ƙanena ya so ya riƙa dannawa safe da yamma, na ce mishi ba ya ƙara sauri, kuma akwai iyakar da anka ba ka a yini. Cikin satin shafin farko ya shiga, sauran sunka biyo baya ɗaya bayan ɗaya.

Na uku, taswira, kuma nan ne kwastoman farko ke fitowa

Wanga mataki ba cikin websayit yake ba amma ga mai shago a cikin gari na fi ba shi nauyi a kan komai. Ka rubuta solar shop near me ka gani, kafin a kai ga jerin shafuka akwai taswira da shaguna kamar uku a ƙarƙashinta da wurin danna kira. Waɗannan daga Google Business Profile suke fitowa. Sabon shafi zai sha wuya kafin ya ture manyan kamfanonin Legas da Abuja a jeri na ƙasa, amma a taswira da maƙwabtanka kake gasa, kuma da yawansu ba su ma yi rajista ba. Google da kanshi ya ce abu uku yake dubawa nan, dacewar sana'arka da abin da anka nema, nisanka da mai neman, da kuma yadda anka san ka. Nisa ba ya hannunka, mai nema daga Arkilla zai iya ganin na kusa da shi kafin naka na Mabera. Sauran biyun kuwa kana da aiki a kansu.

Je business.google.com da imel ɗin nan naka. Ka fara neman sunan shagon a Google Maps, wani lokaci wani kwastoma ya riga ya sa shi, in haka ne karɓar wancan za ka yi, kar ka buɗe na biyu. Suna kuma ka rubuta shi yadda yake a allon shago, ba ƙari. Za ka ga wasu sun maƙala best solar in Sokoto cheap inverter a jikin sunansu, wannan saɓa ƙa'ida ne kuma ana dakatar da mutum a kai, dawo da shi kuwa ba ƙaramin jeka-ka-dawo ba ne. Wurin da za ka faɗi sana'arka shi ne Category, ka natsu a nan sosai don babban rukunin da ka zaɓa yana da tasiri. Mun tsaya mun yi shawara tsakanin Solar energy company da Solar energy equipment supplier, na tambaye shi mi ya fi kawo maka kuɗi, saida kaya ko zuwa haɗawa? Ya ce haɗawa. Sai munka sa na farko a matsayin babba, ɗayan ya zama ƙari.

Adireshi shi ne ciwon kanmu a Sakkwato, mu da kwatance munka saba, bayan masallaci, kusa da mai shayi, layin gidan wane. Taswira ba ta san wannan ba. Ka rubuta titi da unguwa iya yadda za ka iya, amma abin da ya fi muhimmanci shi ne tsinken nan ja, ka tsaya a bakin ƙofar shagon da lokeshan a kunne, ka matso da taswirar sosai ka ja tsinken da yatsa har ya hau kan rufinka. Namu da farko can ya faɗa tsakiyar titi, nesa da shagon, wanda zai biyo shi da kabu-kabu sai ya yi ta zagaye. Kwatancen baki kuma ka ajiye shi a shafin tuntuɓa na websayit, can yana da amfani.

Sai tantancewa. Google ne ke zaɓar hanyar da zai ba ka, wani a kira shi ko a turo mishi lamba, amma yanzu an fi neman bidiyo. Bidiyo ne guda ɗaya a jere ba yankewa, daga cikin wayar za ka ɗauka kai tsaye. Ka fara daga titi a ga unguwar da shagunan gefe, ka juyo kan allonka a karanta sunan, ka buɗe ƙofa da makullinka, ka shiga ka nuna kaya da littafin rasit mai sunan shagon, ka kauce ma fuskokin mutane. Shi ya sa nake cewa in ba ka da allo ka yi shi tukuna, kuma sunan da ke allon ya zo ɗaya da wanda ka rubuta. Mu da safe munka ɗauka kafin rana ta yi ƙarfi, don tsakar rana hasken yana cinye rubutun allon. Amsa takan ɗauki 'yan kwanaki.

In an amince sai ka cika sauran, lokacin buɗewa da rufewa na gaskiya har da tashin Juma'a, lambar da ake ɗagawa, adireshin websayit, da hotunan shagon da na ayyukan da ka yi, ba waɗanda anka sauko da su daga intanet ba. Da azumi ko sallah in lokaci ya canza ka shiga ka gyara. Sannan suna da adireshi da lambar waya su zama iri ɗaya sak a websayit, a taswira, a Facebook da Instagram. Ƙanena yana da layi uku kuma kowane wuri ya sa daban, munka zaɓi guda munka bi ko'ina munka daidaita.

Na huɗu, rubutun da ke kan shafin

A nan na ga abin da ya fi ba ni haushi. Sunan shafin farko, wanda ke fitowa da shuɗin rubutu a Google, Home kawai anka sa, babban rubutun da ke sama kuma Welcome to our website. Duk shafin farko babu inda kalmar Sokoto ta fito, sai can ƙasa cikin wani hoto, shi kuwa rubutun da ke cikin hoto ba abin dogaro ba ne. To ta ina za a san a ina kake, mi kake saidawa?

Kafin ka rubuta komai ka gano da wane baki mutane ke nema. Ka fara rubuta solar a Google ka ƙara Sokoto, ka tsaya ka ga abin da yake ƙarasa maka, ka gwada da inverter, ka gwada da battery. Ka buɗe WhatsApp ɗin shago ka karanta tambayoyin kwastomomi na wata biyu baya, kalmomin suna nan. Mu abin da munka lura shi ne mutanenmu da Hausa suke magana amma in sun zo akwatin bincike da yawa Turanci suke bugawa, kuma Sokoto suke rubutawa ba Sakkwato ba. Don haka sunan shafi munka yi shi da Turanci, cikin shafin kuma munka sa bayani da Hausa ma, da sunan garin a rubutun biyu. Na shafin farko ya koma haka:

```
<title>Solar Installation in Sokoto | Sunan Shago</title>
```

Sana'a, gari, suna. Ka tsaya wajen haruffa 60, in ya zarce ana yanke wutsiyar. Kowane shafi kuma da nashi sunan, kar biyu su zo ɗaya. Ɗan bayanin da ke fitowa ƙarƙashinshi, meta description, layi biyu ya isa, ba ya ɗaga matsayi kai tsaye amma shi ke sa mutum ya danna naka ya bar na wani, ko da yake wani lokaci Google yakan ɗauko wani rubutu daga shafin ya sa a madadinshi. In wani ya ce ka biya ya cika maka meta keywords, ka riƙe kuɗinka, tun 2009 Google ya ce ba ya aiki da shi wurin jera shafuka.

Daga nan munka raba ayyukan, maimakon shafi ɗaya da ya tara komai. Haɗa sola na gida shafinshi daban, batir da inbata daban, famfon sola na rijiyar burtsatse da masu noman rani daban. Dalili, wanda ke neman famfo don gonarshi ta fadama ba tambayarshi ɗaya da mai son firij da fanka su kwana a kunne ba. A kowane shafi na sa ƙanena ya yi magana kamar kwastoma na gabanshi ni kuma ina rubutawa, wane girman inbata ke ɗaukar mi, batir nawa, kwana nawa aikin ke ci, akwai garanti ko babu, ana zuwa Wamakko da Bodinga ko cikin gari kawai, kuma sau nawa ya kamata a goge fanel lokacin hunturu in ƙura ta lulluɓe shi. Irin wanga bayani kamfanin da ke Legas ba zai rubuta shi ba, kai ke da shi. Abin da ban yarda a yi ba shi ne a kwafi shafi ɗaya sau goma ana canza sunan unguwa kawai, na Gawon Nama, na Runjin Sambo, na Arkilla, rubutu iri ɗaya. Google ya san wagga dabara kuma yana ɗaukarta a matsayin shara. Haka kwafo rubutu daga shafin wani.

Na biyar, nauyin shafin

Kusan duk wanda zai buɗe shafinka da waya zai buɗe, da datar da yake lissafi, kuma Google ma yadda shafin ke fitowa a waya shi yake dubawa. Kashe wayfai ka buɗe da data ka ƙirga. Namu hotunan yadda sunka fito daga kyamara anka ɗora su, kowane ya haura 3MB, guda takwas a shafin farko, ka ga sama da 24MB kenan don mutum ya ga lambar waya. Munka sauke su munka rage faɗinsu zuwa wajen pixel 1200, munka matse su a squoosh.app, kowane ya dawo ƙasa da 200KB kuma ido ba ya ganin bambanci a waya. Munka canza musu suna daga IMG da lambobi zuwa abin da ke ciki, munka cika Alt text, wato wurin bayanin hoto, da jimla ɗaya. Kana iya gwadawa a pagespeed.web.dev, ka duba ɓangaren Mobile, amma kar ka sa ma ranka sai ka ci 100. Ka tabbatar lambar waya ana taɓa ta ta kira, kuma burauza ba ta nuna Not secure a gefen adireshin.

Sharhin kwastomomi da masu nuna ka

Cikin Business Profile akwai link na neman sharhi. Duk gidan da ƙanena ya gama aiki, bayan kwana biyu zai kira ya ji ko komai lafiya, in an ce lafiya sai ya ce Alhaji don Allah zan turo maka wani abu a WhatsApp ka rubuta mana yadda ka ga aikin, ko da Hausa ne. Ɗaya yau, ɗaya wani sati, haka ake so. Kar ka tara 'yan gidanku su ashirin rana ɗaya su zuba taurari biyar, kar ka saya, kar ka ce za ka yi ragi ga wanda ya rubuta, duk haramun ne a ƙa'idarsu kuma ana gogewa. Kowane sharhi ka amsa, wanda ya yi ƙorafi ma ka amsa mishi da ladabi ka faɗi yadda za a gyara, masu karantawa suna kallon amsarka.

Za a kuma fara turo maka saƙo ana cewa za a haɗa ka da shafuka dubu ko a kai ka na ɗaya cikin sati. Babu mai iya lamunce maka na ɗaya, sayen link kuma yana iya ja maka hukunci. Na halas kaɗan sun isa a farko, shafukanka na sada zumunta, dilan da kake sarin kaya wurinshi in yana da jerin wakilai, makaranta ko asibitin da ka yi ma aiki in sun yarda su ambace ka.

Yadda za ka san ana tafiya

Kar ka auna da wayarka, sakamako yana canzawa da inda mutum yake tsaye da abin da ya saba nema. Sau ɗaya a sati ka shiga Search Console ka buɗe Performance, ka san kuma alƙaluman suna baya da kamar kwana biyu. Impressions shi ne sau nawa anka nuna ka, Clicks sau nawa anka danna. A wata na farko abin da kake nema shafukanka su shiga kuma sunan shagonka ya fito in an neme shi. Wata na biyu Impressions su fara motsi ko da dannawa kaɗan ce. Zuwa na uku ka gangara Queries ka ga ainihin kalmomin da mutane sunka buga.

Karanta su haka. A ce an nuna shafi sau 200 an danna sau 2 kuma Average position yana wajen 25, matsalar matsayi ce, kana can ƙasa inda ba a kaiwa, sai a ƙara ma shafin bayani mai amfani. In kuwa kana wajen 5 amma ba a dannawa, to sunan shafin ne bai ja mutum ba, shi za ka gyara. A ɓangaren Pages kuma in ka ga Discovered - currently not indexed, an san da shafin ba a kai gare shi ba tukuna, ka tabbatar akwai link zuwa gare shi daga shafin farko ka ba shi lokaci. In Crawled - currently not indexed ne, an karanta an ajiye, sau da yawa don rubutun ya yi kaɗan ko ya yi kama da wani. Shafin batir ɗinmu haka ya zauna, layi uku ne kawai da hoto, sai da munka zauna munka rubuta bambancin tubular da lithium da yadda zafin garin nan ke gajiyar da batir in an kulle shi a ɗakin da ba iska, sannan munka sake neman a duba.

A cikin Queries ɗin ne munka ga ana ta neman gyaran inbata, abin da ƙanena ke yi kullum amma bai taɓa tunanin sa shi a shafi ba. Ranar Asabar ɗin nan munka buɗe mishi nashi shafin, da hoton teburin gyaran da jerin alamomin da inbata ke nunawa kafin ta mutu, munka ƙara shi cikin Services na Business Profile, sannan munka liƙa adireshin a URL Inspection munka danna Request indexing.